Milimita 17.1 na samu, malami kuma ya ce 4.5: a ina na kauce?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya da magariba nake kan lissafi guda ɗaya, ya ƙi fita. Turas ne na rufi mai kusurwa uku. Faɗinsa mita 8, daga A zuwa B. A tana kan fin da ya kafe ta wuri ɗaya, B tana kan rola da ke barin ta ta zame a kwance. Ƙololuwarsa C tana sama da mita 3, sannan D tana tsakiyar ƙarfen ƙasa, daidai ƙarƙashin C. Ke nan AC da BC mita 5 ne kowanne, AD da DB mita 4, CD mita 3. An ɗora 30 kN a C, an rataya 10 kN a D. Kowane ƙarfe girman fuskar yankansa A = 500 mm², kuma E = 200 kN/mm². Ana neman yawan lotsawar D.

Na fitar da abin da kowane ƙarfe ke ɗauka. AC da BC suna cikin matsi na 33.33 kN, AD da DB suna cikin ja na 26.67 kN, CD ja na 10 kN. Daga nan na bi ta makamashin da ƙarfe ke adanawa idan an ja shi ko an matse shi:

```
U = Σ F²L / 2AE = 17100 / 200000 = 0.0855 kN·m
```

Sai na ce U = ½Pδ, na sa P = 10 tunda shi ne ke D. Ya ba ni milimita 17.1. A takardar malami kuwa 4.5 ne. Na sake dannawa har sau huɗu, amsa ɗaya.

Sarkin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙarafanka daidai ne, na duba su, U ɗin ma daidai ne. Kuskurenka a P yake. Ai ba 10 kN kaɗai ne ya zuba makamashin nan a cikin turas ba, har da 30 ɗin da ke sama. Haɗa su ka sa P = 40, za ka ga ta fita.

Ɗan Aji Uku: Na gwada yanzu. 2 × 0.0855 ÷ 40 ya ba ni milimita 4.275. Ta matso ƙwarai, amma ba 4.5 ba ce.

Sarkin Lissafi: Ina jin yanke lambobi ne ya jawo. Wataƙila malamin ya mai da 33.33 zuwa wani abu.

Injiniya Babba: A'a, ba yanke lamba ba ne, kuma takardar malamin tana kan daidai. Sarkin Lissafi, rabin maganarka gaskiya ne: makamashin nan na nauyi biyu ne, shi ya sa ɗora shi duka a kan 10 kN ya ba da lamba mai girma haka. Inda ka zame shi ne haɗa su wuri guda, kamar C da D suna sauka daidai wa daida. Ba sa yi. CD yana cikin ja, yana miƙewa kaɗan, don haka dole D ta fi C sauka. Abin da makamashi ya gaya muku shi ne wannan kawai:

```
U = ½(30)δC + ½(10)δD
```

Jimla ɗaya ce, abubuwan da ba a sani ba kuma biyu. Babu yadda za a yi ta raba muku su. Wannan 4.275 da ya fito, matsakaici ne tsakanin saukar C da ta D wanda ya fi karkata wajen mai nauyi. Ba lotsawar kowace mahaɗa ba ce.

Hanyar U = ½Pδ tana aiki ne idan nauyi ɗaya tak ke kan turas, kuma kana neman motsin wurin da nauyin yake, ta fuskar da yake turawa. Ƙanena, ka cire 10 ɗin nan ka bar 30 a C, ka gwada. Za ka samu AC 25, AD 20, CD sifili, U ta zama 0.04725, δ ta zama milimita 3.15, kuma daidai ne. Da zarar nauyi ya zama biyu, ko aka tambaye ka wata mahaɗa da babu komai a kanta, hanyar ta tsaya.

Ɗan Aji Uku: Na gwada, 3.15 ta fito. To Injiniya, da nauyi biyun fa?

Injiniya Babba: Nan ne ake kawo hanyar nauyin ɗaya. Ka ajiye ƙarfin da ka riga ka samu a gefe, mu kira su F. Ka zana turas ɗin a sabon shafi, ka sauke masa duk wani nauyi, ka rataya 1 kawai a D yana kallon ƙasa, saboda D ake tambaya kuma saukarta ake nema. Ka sake warware shi. A da B kowacce za ta ɗauki 0.5. A mahaɗar A, AC ne kaɗai ke da gangara, kuma tsayinsa 3 ne cikin 5, don haka 0.5 ÷ 0.6 zai ba ka matsi na 0.833. AD zai zama ja na 0.667. CD kuwa shi ke riƙe da 1 ɗin kai tsaye, ja na 1. Waɗannan su ne f.

Yanzu kowane ƙarfe ka ninka F da f da tsawonsa. Ja ya zama +, matsi ya zama −, kada ka sauya a tsakiya.

```
AC, BC : (−33.33)(−0.833)(5) × 2 = 277.8
AD, DB : (+26.67)(+0.667)(4) × 2 = 142.2
CD     : (+10)(+1)(3)            =  30.0
Σ FfL = 450
δD = 450 / AE = 450 / 100000 = 0.0045 m
```

Ga milimita 4.5 ɗinka. Idan ka mai da 1 ɗin kan C, komai yana nan yadda yake sai CD da zai koma sifili, jimla ta zama 420, wato C ta sauka milimita 4.2. Sai ka koma kan jimlar can ta makamashi ka jarraba: rabin 30 sau 4.2 ya ba da 63, rabin 10 sau 4.5 ya ba da 22.5. Haɗe, jul 85.5, wato 0.0855 ɗin da ka samu tun farko. Aikinka na jiya bai faɗi ƙasa ba, da shi ne za ka tabbatar da amsar.

Ɗan Aji Uku: Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Wallahi kamar an sauke mini kaya.

Baƙon Zaure: Ku gafarce ni, yanzu na shigo. Me ya sa ake ta wannan dogon zagaye? Abu ne mai faɗin mita 8 a kan madogara biyu da nauyi a tsakiya. Ai PL³/48EI ne kawai, layi ɗaya an gama.

'Yar Kwaleji: Malam Baƙo, wannan ta bim ce, wanda ke lanƙwasa. A turas ƙarafan ba lanƙwasa suke ba, miƙewa suke ko su taƙure. Wane I za ka sa ma? Zurfin turas ɗin nan mita 3 ne a tsakiya, sifili a gefe.

Ni tambayata daban ce, kuma ta daɗe tana damuna. Injiniya, a lissafin makamashi akwai rabi, F²L/2AE da ½Pδ. A hanyar nauyin ɗaya kuma rabin ya ɓace gaba ɗaya. Na haddace haka na ci jarrabawa, amma ban taɓa gane inda ya tafi ba.

Injiniya Babba: Tambayar da ta fi kowace ke nan, ƙanwata. Ki tuna danƙon harbin tsuntsu. Lokacin da kika fara ja, ba ya ƙin hannunki ko kaɗan. Yayin da yake miƙewa, ƙin yana ƙaruwa, sai a ƙarshe ya kai cikar ƙarfinsa. To aikin da hannunki ya yi ba cikakken ƙarfin sau nisa ba ne, matsakaicin ƙarfin ne sau nisa, kuma matsakaicin sifili da cika shi ne rabi. Daga nan rabin ya fito: ƙarfin da miƙewar sun girma tare.

A ɗaya hanyar kuwa, tsarin shigowar ya bambanta. Ki ɗauka an fara rataya 1 ɗin a D, ya zauna daram da cikarsa, ƙarafa sun ɗauki f nasu. Bayan haka ne aka kawo 30 da 10 na gaske. Su ne suka sa D ta sauka, ba 1 ɗin ba. Shi dai an tafi da shi ƙasa ne yana nan a cike tun daga farkon tafiyar har ƙarshe, don haka aikinsa 1 × δ ne, babu rabi. A cikin ƙarafa ma haka: f yana nan a cike, ƙarfen ya miƙe da FL/AE saboda nauyin gaske, aikin ya zama f × FL/AE. Aikin waje daidai yake da na ciki, shi ke nan.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, f ba ruwansa da dalilin miƙewar. Yana faɗa miki ne kawai: idan wannan ƙarfen ya ƙara milimita ɗaya, D za ta motsa da f ɗin milimita.

'Yar Kwaleji: Ke nan f kamar ma'aunin siffar turas ne, ba na nauyi ba?

Injiniya Babba: Haka ne. Shi ya sa girman ƙarfe ko irinsa bai shiga lissafin f ba a irin wannan turas ɗin.

Sarkin Lissafi: Na karɓi gyara kan 40 ɗin. Amma ni har yanzu ina ganin ba a bar makamashi ba. Mu a ajinmu da ƙa'idar Castigliano aka koya mana: ka bar nauyin D a matsayin harafi Q, ka rubuta U, ka nemi ∂U/∂Q, sannan ka mayar da Q = 10. Ita ma 4.5 take bayarwa. To wace ce asali?

Injiniya Babba: Duka biyun suna sauka a tasha ɗaya muddin ƙarfen yana bin dokar Hooke. Idan ka yi ∂U/∂Q za ka samu Σ F(∂F/∂Q)L/AE, kuma ∂F/∂Q ɗin nan shi ne f, wato yadda ƙarfin sandar ke canzawa idan Q ya ƙaru da ɗaya. Biyun da ke saukowa daga F² shi ke cinye rabin. Ta tarihi, James Clerk Maxwell ya wallafa hanyar nauyin ɗaya a 1864, Otto Mohr ya sake gano ta da kansa a 1874, shi ya sa ake haɗa sunayensu a kanta. Alberto Castigliano kuma ya gabatar da tasa a Turin a 1873. Ni na fi son ta nauyin ɗaya don ba ta tsaya kan nauyi ba, tana karɓar zafi da kuskuren yanka kai tsaye.

Mai Walda: Sallama gare ku malamai. Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan, amma shekara da shekaru ina haɗa turas. Maganar kuskuren yanka ce ta tsayar da ni. Maigidana da ya koya mini aiki, in za mu haɗa turas mai faɗi, yakan sa mu ɗan rage ƙarfen ƙasa, tsakiyar ta ɗan yi doro sama. Yana cewa in an ɗora kwano da silin za ta dawo daidai. Da ido muke yi. Akwai lissafinsa?

Injiniya Babba: Baba, sannu da zuwa, kuma maigidanka ya san aiki. Akwai lissafinsa, kuma f ɗin nan ne dai. A turas ɗin yaron nan, AD da DB kowanne f = 0.667. In ka rage milimita 3 a kowanne, D za ta ɗaga da 0.667 × 3 × 2, wato milimita 4. Ka ga ya kusa cinye 4.5 ɗin da nauyi zai kawo. Rage 6 a ƙasa ya ba da ɗagawar 4 a tsakiya, amma wannan na wannan siffar ne kaɗai. In turas ya fi kwanciya, f na ƙarfen ƙasa yana girma, ragi kaɗan sai ya ɗaga da yawa.

Zafi ma haka. Ƙarfe yana ƙara kimanin kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri. A ce da rana tsaka a watan Afrilu ƙarafan sama da ke manne da kwano sun fi na ƙasa zafi da digiri 30. Kowanne mai mita 5 zai ƙara milimita 1.8. Nasu f ɗin −0.833 ne, don haka jimla −3, alamar ragin kuma tana nufin D ta tashi sama da milimita 3, da dare ta dawo.

Mai Walda: To ga wani abin da ya faru da ni. Na yi wa wani rumfar ajiye kaya, wani injiniya ya ba ni zane, ya ce lotsawar ba za ta kai yatsa ɗaya ba. Da noti muka ɗaure mahaɗan saboda a wurin aka haɗa, babu wuta. Muna gama rufi, na ja zare daga gefe zuwa gefe, sai na ga ta sauka fiye da ninki biyu na abin da ya ce. Mai kaya ya ce ni na ci ƙarfe. Wallahi abin da aka rubuta na sayo.

Sarkin Lissafi: Baba, ka auna kaurin ƙarfen da ka sayo kuwa? Sau da yawa abin da ake kira milimita 5 a kasuwa, in ka sa ma'auni sai ka ga 4 ne. A ɗin ƙarfen yana ƙasan lissafin, in ya ragu lotsawa ta ƙaru.

Injiniya Babba: Zai iya zama da hannun wannan, amma shi kaɗai ba zai ninka ba. Daga 5 zuwa 4, ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ni na fi zargin ramukan notin. Ramin noti na milimita 16 akan huda shi 18, don ya shiga ba wahala. In ba a ɗaure tamau ba, nauyi na hawa sai ƙarfen ya zame har notin ya jingina da bakin rami. A lissafi wannan daidai yake da ƙarfen ja ya ƙara tsawo, na matsi ya rage. Mu ɗauka kowane bakin ƙarfe ya zame milimita 1 kacal a turas ɗin nan, wato 2 a kowace sanda. Ka ninka 2 da f na kowacce ka tara: 0.833 sau biyu, 0.667 sau biyu, da 1, jimlarsu 4, sau 2 ya zama milimita 8. Nauyin kansa 4.5 ya kawo, zamewa ta kawo 8.

Yadda za ka gane, Baba: ka duba gefen washa ko kan notin, za ka ga fenti ya goge ko ƙarfe ya yi sheƙi inda ya zame. Kuma lotsawar zamewa sau ɗaya take faruwa ta tsaya, ko an sauke nauyin ba ta komawa. Ta miƙewar ƙarfe kuwa tana komawa.

Mai Walda: Rumfar tana nan, zan je in hau in duba. Amma ni na ɗaure su da iyakar ƙarfina, da sifana da bututu a kanta. Ban yarda zamewa ce ba tukuna.

'Yar Kwaleji: Ni kuma teburin can na sama nake ta kallo. Cikin 450, ƙarafan sama biyu sun ɗauki kusan 278. Ke nan in ana so a rage lotsawa, su ya kamata a ƙara wa kauri. Na gwada: ninka A na CD yana rage milimita 0.15 kawai, ninka na AC da BC yana rage kusan 1.4.

Injiniya Babba: Kin karanta teburin yadda ya kamata. Kuma akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi, wanda ba na so Ɗan Aji Uku ya tashi bai ji shi ba. Lambobin tambayar nan na aji ne. 33.33 kN a kan 500 mm² kusan 67 N/mm² ne, ƙarfe ba zai ko ji ba. Lotsawar 4.5 a faɗin mita 8 ita ma ba komai ba ce. Amma 500 mm² ya yi kusa da ƙarfen kwana guda na 50 × 50 × 5, wanda yake kimanin 480. Irin wannan ƙarfen, mai tsawon mita 5, in babu abin da ya tokare shi a tsakani, lissafin Euler ya nuna zai tanƙware gefe kafin matsin ya kai 4 kN. Mu kuma 33 muka ɗora masa. FL/AE tana ɗauka cewa sandar tana nan a miƙe, ba ta san tanƙwarewa ba. Don haka amsar 4.5 gaskiya ce a takarda, amma sai an fara tabbatar da cewa ƙarafan matsi za su tsaya kafin ta zama gaskiya a kan gini.

Ɗan Aji Uku: Na rubuta wannan da jan biro. Tambaya ta ƙarshe: sashe na biyu yana neman motsin B a kwance. In sa 1 a B yana kallon dama?

'Yar Kwaleji: Haka ne. AD da DB za su zama 1, sauran sifili. 26.67 × 8 ÷ 100000, milimita 2.13.

Mai Walda: To ni nan ne ban gane ba. Wace rola? Ban taɓa ganin an sa wa rufin gida taya ba. Bangarorin biyu muke kamawa da rodin da ya fito daga kankare, mu yi walda.

Sarkin Lissafi: In an kama duka biyun, B ba za ta motsa ba, ƙarfen ƙasa ba zai miƙe ba, 142.2 ɗin nan ta fita daga jimla. Lotsawa ta koma kusan milimita 3.1. Ai ya ma fi kyau.

Injiniya Babba: Lissafinka daidai ne in bangon ba ya motsi ko kaɗan. Amma ka tambayi kanka ina 26.67 kN ɗin ya koma. Ya koma kan bango, yana tura shi waje. Bangon bulo kuwa ba dutse ba ne, zai ɗan ba da kai, ya mayar wa ƙarfen ƙasa yawancin aikinsa, kuma milimita biyu kawai yake buƙata ya yi hakan. Gaskiyar tana tsakanin 3.1 da 4.5, a ganina ta fi kusa da 4.5. A turas mai faɗi sosai akan huda dogon rami a farantin gefe ɗaya don notin ya sami wurin zamewa, wannan ita ce rolar a aikace.

Sarkin Lissafi: A kan bulo na yarda. Amma in ginshiƙan kankare ne masu kauri da aka ɗaure da bim a sama, ni ina ganin za ta fi kusa da 3.1.

Injiniya Babba: Ya danganta da tsayin ginshiƙin da kaurinsa, sai an sa lambobi. Kawo girman naka mu lissafa.

Mai Walda: Ni dai gobe in Allah ya kai mu zan je rumfar da tsani. Injiniya, in na ɗauko hoton notin, ta wane gefe kake so in ɗauka, ta kai ko ta gindin?

Injiniya Babba: Duka biyun, Baba. Ka fara da mahaɗan da ke kusa da bango, nan ne ƙarfi ya fi yawa. Ka tafi da ma'aunin kauri kuma, mu ga abin da Sarkin Lissafi ya faɗa.